Garkuwar jama'a: me ya sa sai an kai kashi 95 kafin a tare ƙyanda?

Duk wanda ya saba sauraren jami'an lafiya a rediyo lokacin allurar rigakafi ya sha jin ana cewa sai an yi wa kashi 95 cikin ɗari na yara allurar ƙyanda kafin a samu abin da ake kira garkuwar jama'a. Ma'anar kalmar ba wuya. Idan mafi yawan mutanen gari jikinsu ya riga ya san wata cuta, ko don an yi musu allura ko don sun taɓa yin ta sun warke, ƙwayar cutar takan rasa wanda za ta kama. Ta fito daga jikin mara lafiya, ta tarar duk na kusa da shi a kare suke, sai ta mutu a nan. Ta haka jaririn da bai isa allura ba, da yaron da wata cuta ta raunana jikinsa, suke tsira a bayan sauran mutane.

Abin tambaya shi ne adadin. Shan inna kusan kashi 80 ya ishe ta, to don me baƙon dauro yake neman 95?

Masana suna auna saurin yaɗuwar cuta da tambaya ɗaya: idan mara lafiya ɗaya ya shiga cikin mutanen da babu mai kariya ko ɗaya, mutum nawa zai sa wa? Suna rubuta wannan adadi R0. Ga mura mai zazzaɓi bai fi ɗaya zuwa biyu ba. Ga ƙyanda kuwa, abin da aka saba kawowa 12 ne zuwa 18. Dalili shi ne ƙwayar tana tafiya a iska, tana kuma iya zama a ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Yaro yana fara yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da uwarsa ke ganin mura ce da tari da jan ido, tana goye da shi zuwa gidan suna. Cikin mutum goma marasa kariya da suka zauna kusa da shi, tara za su kamu.

Mu ɗauki 15. Don cuta ta mutu, dole kowane mara lafiya ya sa wa ƙasa da mutum ɗaya. Wato cikin mutum 15 ɗin da zai harba, aƙalla 14 su zama a kare. Sha huɗu cikin sha biyar kashi 93 ne da ɗoriya. Lissafin ke nan da ake rubutawa 1 − 1/R0. In aka sa 12 a samu 92, in aka sa 18 a samu 94.

Wani zai ce ai kashi 80 ma an yi ƙoƙari. A gwada shi. Idan kashi 80 ne ke da kariya, cikin mutum 15 ɗin nan uku ne a buɗe. Ɗaya ya sa wa uku, ukun su sa wa tara, taran su sa wa 27, su kuma 81, kowane zagaye kusan mako biyu. Cikin wata biyu unguwa ta kama.

Sai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: yin allura daban, kamawar allura daban. A Najeriya ana yin ta farko a wata tara, kuma a wannan watannin kusan yara 85 cikin ɗari ne take kamawa, saboda ragowar kariyar da jariri ya samo daga jinin uwarsa takan kashe ƙarfin allurar. Da za a jira ya shekara da ta fi kamawa, amma inda cutar ke yawo ba a iya jira, don jarirai ne suka fi mutuwa. To a ce a wata gunduma ana haifar yara 1,000 a shekara, aka yi wa 900 allura ɗaya. Rahoto zai nuna kashi 90, kowa ya yi murna. Amma waɗanda allurar ta kama 765 ne. Saura 235 a buɗe. A shekara huɗu sun taru sun kai 940, kamar busasshen kara da aka jibge ana jiran tartsatsi. Shi ya sa ƙyanda kan yi shiru shekara biyu ko uku, mutane su ɗauka ta tafi, sannan ta dawo da ƙarfi. Ko da kowane yaro an yi masa allura ɗaya a wata tara, kashi 85 za a tsaya, ba za a taɓa kai 93 ba. Amfanin allura ta biyu ke nan, wadda ake yi a wata 15: tana kama waɗanda ta farko ta tsallake, kariya ta kai kusan kashi 97. Idan aka yi wa kashi 95 allura biyu, masu kariya na gaske kusan 92 ne cikin ɗari. Ashe 95 ɗin ma da ƙyar ya isa.

Kuma jimillar ƙasa ko ta jiha takan ɓoye gaskiya. Ƙwayar cuta ba ta duba rahoto, unguwa take shiga. Ruga ɗaya ko sansanin 'yan gudun hijira da ba a kai wa allura ba ya isa ya riƙe wutar. Cunkoso ma yana ɗaga adadin. Masu bincike da suka bi ƙyanda a Yamai sun ga tana tashi da rani, lokacin da 'yan cin rani suka cika birni, ta kwanta idan damina ta faɗi mutane suka koma gona.

Me ake tsoro haka a cutar da tsofaffi ke cewa kowane yaro sai ya yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 ƙyanda ta kashe mutum kusan 107,500, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙurajen ba su ne ke kisa ba. Ƙwayar tana ɓare fatar cikin maƙogwaro da huhu da hanji, sai wasu ƙwayoyin su samu ƙofa. Ciwon huhu shi ne ya fi ɗaukar rai. Uwa za ta iya gane shi da idonta: ta ɗaga rigar yaro yana kwance ba ya kuka, ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In ya kai 50 ga ɗan wata biyu zuwa sha ɗaya, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ko ta ga ƙasan ƙirjinsa na faɗawa ciki duk ya ja numfashi, asibiti za a tafi a ranar. Bayan huhu sai gudawa da ke tsotse ruwan jiki, da gyambon baki da ke hana shan nono, da kunne mai fitar da mugunya wanda kan bar kurumta. Kusan ɗaya cikin dubu kan samu kumburin ƙwaƙwalwa, da jijjiga ko suma.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke zuwa bayan an ce yaro ya warke. Ƙwayar ƙyanda tana kashe ƙwayoyin jini da ke riƙe da tarihin cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa. Wani bincike da aka buga a 2019, kan yaran ƙasar Holan da ba a yi wa allura ba, ya gano cutar ta share tsakanin kashi 11 zuwa 73 na irin makaman kariyar da ke jininsu. Jiki ya manta, sai ya sake koyo daga farko, abin da kan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Yaron da ya yi ƙyanda da bazara, ya yi ta rama, gudawa ta ɗauke shi da kaka, ba wanda zai rubuta ƙyanda a kansa. Amma ita ta buɗe ƙofar.

A nan bitamin A ya shigo. Shi ne ke gyara fatar ido da ta huhu da ta hanji, kuma jiki yana ajiye shi a hanta. Ƙyanda tana sa shi faɗuwa a jini ko da yaro mai ƙoshi ne. Wanda kuwa dama ajiyarsa kaɗan ce, don bai cika samun manja ko ƙwai ko zogale ko hanta ba, cikin kwanaki sai ta ƙare. Ido ne ke fara nunawa. Yaro ya fara dundumi, da magariba yana laluben hanya. Farin idon ya bushe ya daina sheƙi, wani lokaci a ga ɗan tabo kamar kumfar sabulu a gefensa. In aka bari, fatar da ke kan baƙin ido ta yi hazo, ta yi gyambo, ta narke cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya rage hakiya ce, ko makanta ta har abada. Yaron da ke runtse ido yana gudun haske, a buɗe masa a hankali a duba, kada a matsa. Kada kuma a ɗiga masa ruwan ganye ko a zizara masa kwalli, don idon da ya riga ya yi rauni su ke ƙarasa shi.

A 1990 wasu likitoci biyu a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu suka buga sakamakon gwaji kan yara 189 da aka kwantar da ƙyanda mai tsanani. Cikin 12 da suka rasu, goma suna ɓangaren da ba a ba bitamin A ba, biyu kacal a ɓangaren da aka ba. Waɗanda aka ba sun kuma fi saurin warkewa daga ciwon huhu da gudawa.

Ƙa'idar yau ita ce duk yaron da aka tabbatar yana da ƙyanda a ba shi bitamin A sau biyu, yau da gobe. Da ma'aunin bitamin da ake rubutawa IU, ɗan ƙasa da wata shida 50,000 IU, ɗan wata shida zuwa sha ɗaya 100,000 IU, wato shuɗin ƙwanson nan, daga shekara ɗaya zuwa sama 200,000 IU, wato ja. Ma'aikacin lafiya yakan yanke kan ƙwanson ya matse man a bakin yaro. Na biyun yana da muhimmanci, don gwaje-gwajen da aka ba da sau ɗaya kawai ba su nuna raguwar mutuwa a fili ba, ga shi kuwa shi ne iyaye suka fi mantawa idan an sallame su gida. In akwai alamar ido, ana ƙara na uku bayan wasu makonni.

Iyakarsa ke nan. Bitamin A ba ya hana kamuwa, ba ya kashe ƙwayar, ba ya hana yaro sa wa ƙannensa. Ba ya kuma fita da fitsari, taruwa yake a hanta, don haka yawansa guba ne: amai, ciwon kai, kumburin maɗiga ga jariri, lalacewar hanta. Lokacin ɓarkewar ƙyanda a jihar Tekzas ta Amurka a 2025, likitoci sun ga yaran da ba a yi wa allura ba da hantarsu ta taɓu saboda an yi ta ɗura musu shi a gida. Mai juna biyu ma ba a ba ta wannan babban awon, don yana iya cutar da cikin.

Idan ƙyanda ta shiga gida, sauran yaran da ba su da allura a kai su asibiti kafin kwana uku su cika da haɗuwarsu da mara lafiyar, don a cikin awa 72 ɗin nan allurar tana iya riga cutar. A tafi da katin kowannensu, a duba layin wata 15 ko an cike shi.