Koyar da Manya Karatu: Me Ya Bambanta Shi da Ajin Yara?

Malam, shekara goma ina koyar da 'yan aji ɗaya, yanzu an ba ni ajin manya. A wajen horo an yi ta faɗin "andiragoji". Mene ne shi?

Malama, kalmar daga Girkanci take, ma'anarta jagorantar babban mutum, kamar yadda fedagoji take nufin jagorantar yaro. Wani malami Bajamushe, Alexander Kapp, ya yi amfani da ita tun 1833, amma Ba'amurken nan Malcolm Knowles ne ya yayata ta daga 1968. Abin da ya kafa a kai shi ne babba ya saba yanke wa kansa shawara, yana shigowa aji da gogewar shekaru, kuma yana son abin da zai yi amfani da shi yau, ba bayan shekara goma ba. Daga baya ya ƙara cewa babba yana son sanin dalilin koyon abu kafin ya ba da himma, kuma abin da ke tura shi ya fi fitowa daga zuciyarsa.

Da farko Knowles ya ɗauke su kamar kishiyoyi biyu, hanyar yara daban, ta manya daban. Zuwa 1980 shi da kansa ya sassauta, ya yarda cewa akwai inda babba ke buƙatar a riƙe masa hannu, akwai kuma yaron da ke iya jan ragamar karatunsa. Ki riƙe wannan, domin a ajin yaƙi da jahilci ne gaskiyarsa ta fi fitowa.

To a aikace, ranar farko me zan yi daban?

Kada ki fara da jeren haruffa daga farko zuwa ƙarshe. Yaro zai iya yin wata uku yana rera su, tunda kawo shi aka yi kuma gobe ma za a kawo shi. Babba da ƙafarsa ya zo, aiki ya bari, kuma idan mako biyu suka wuce bai karanta komai ba, da ƙafarsa zai koma.

Fara da tambayar kowa abin da yake son karantawa. Za ki ji takardar asibiti, saƙon waya, sa hannu da suna a maimakon dangwala yatsa. Daga bakinsu za ki ciro kalmar farko. Wannan ita ce hanyar Paulo Freire, wanda a 1963, a garin Angicos na ƙasar Brazil, ya jagoranci koyar da mutum kusan 300 karatu cikin darussan da suka kai kimanin sa'a 40. Shi ba almajirin Knowles ba ne, amma sun haɗu a kan cewa daga rayuwar ɗalibi ake farawa.

A ce kin zaɓi "magani". Ki bar su su yi minti goma suna magana a kai: wa ya taɓa shan fiye da ƙima don bai iya karanta kwalba ba? Sannan ki rubuta kalmar da manyan baƙaƙe, ki raba ta: ma, ga, ni. Kowace gaɓa ki fito da danginta:

ma me mi mo mu
ga ge gi go gu
na ne ni no nu

Baƙi uku ke nan da wasali biyar, gaɓa 15. Sai ki ja baya, ki ce su haɗa. Wani zai samo "gona", wata "gemu", wani "mage", "nema", "gumi". Kafin a tashi ana iya rubuta "mu nemi magani". Na taɓa ganin wani dattijo ya ɗora yatsa kan "go", ya ja shi a hankali zuwa "na", ya yi shiru, sannan ya ɗago ya ce, "Ashe haka abin yake." Ba wanda ya faɗa masa kalmar, shi ya gina ta. Wannan ne ke dawo da mutum washegari.

Ke nan maimaici da bitar sautuka na yara ne kawai?

A'a, kuma nan ne nake ganin masu ɗokin andiragoji suna kuskure. Gogewar babba tana ba shi kalmomi da fahimta, amma ba ta koya masa cewa magana tana rarrabuwa zuwa ƙananan sautuka ba. A 1979 José Morais da abokan aikinsa sun gwada manya a Portugal: aka ce su cire sautin farko na kalma su faɗi saura. Waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba sun sha wahala ƙwarai, waɗanda suka koya da girmansu kuwa sun iya. Wato karatun ne ke buɗe wannan kunne, ba shekaru ba. Ki ce wa ɗalibinki ya cire "g" daga "gani", za ki gani da idonki.

Saboda haka bitar baƙi da sautinsa dole ce, kullum, ko da minti 15 ne. Haka rikita b da d: ido ya saba cewa kofi kofi ne ko ina hannunsa ya kalla, sai an koya masa cewa a rubutu juyi yana canza harafi. Babba da yaro duk suna wannan. Abin da ke canzawa shi ne da wace kalma ake bitar, da wane harshe kike yi musu magana, kuma kin faɗa musu dalilin yin ta ko ba ki faɗa ba.

Yaya zan gane wanda yake karantawa da wanda ya haddace?

Manya gwanaye ne a hadda, da ita suka rayu. Mutum zai "karanta" miki shafi guda ba tuntuɓe, alhali idonsa ba ya bin layi. Ki rufe hoton da ke shafin, ki hargitsa jerin kalmomin, sannan ki ba shi sabuwar kalma daga gaɓoɓin da ya sani, kamar "muni". Idan ya tsaya cak, hadda ce.

Akwai kuma mai karanta kowace gaɓa daidai, amma kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Wannan matsalar sauri ce, kuma manya sun fi yara jinkirin kaiwa inda ido ke ɗaukar kalma kai tsaye. Maganinta gajeren rubutu ɗaya a karanta sau uku ko huɗu, yau da gobe. Wanda ya bar aji bai kai nan ba, sau da yawa karatun yakan zube bayan 'yan watanni.

Wata ɗaliba kullum sai ta ce ta manta tabarau idan na nuna ta. Ƙarya take?

Wataƙila kunya ce, wataƙila ido ne, kuma kada ki bincika a gaban mutane. Daga wajen shekara 40 ganin kusa yana raguwa ga kusan kowa, don haka ki ƙara girman rubutu, ki zaunar da ita inda haske yake, ki ba ta shawarar gwada ido. Idan kunya ce, ki tuna wannan baiwar Allah tana da 'ya'ya, ana jin maganarta a gida, kuma mai yiwuwa an taɓa yi mata dariya kan wannan abu. Daina nuna ta ba zato. Ki haɗa su biyu-biyu, ki zo kusa ki saurare ta a hankali, ki gaya mata tun yau layin da za ta karanta gobe. Jan biro, tafi irin na yara da jera sakamako daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, duk ki bar su a wancan ajin. In ta yi kuskure, nuna mata gaɓar da ta kauce, ki jira ta gyara da kanta.