Adadi da ma'adudi a Larabci: inda takuri ke sauya gida

Me ya sa ake cewa salasatu rijalin, alhali maza ne?

Haka ƙa'idar take daga 3 zuwa 10: adadi yana saɓa wa ma'adudi, wato abin da ake ƙirgawa, a jinsi. In namiji ne, adadin ya ɗauki takuri, wato alamar nan da muka saba gani a ƙarshen sunan mace. In mace ce, takurin ya faɗi. Shi ya sa ake cewa salasatu rijalin, maza uku, amma salasu banatin, 'yan mata uku. Ma'adudin kuma yana zuwa a jam'i, da kasra. Mu da muke cewa "maza uku, mata uku" ba tare da ukun ta motsa ba, dole abin ya ɗaure mana kai da farko. Ɗaya da biyu kam ba su da rigima, bin sunan suke yi: kitabun wahidun, bintani isnatani.

To ta yaya zan gane namiji ne ko mace, tunda jam'i nake gani?

Koma ga tilon kalmar, kada jam'in ya ruɗe ka. Dubi aya ta 7 a Suratul Haƙƙa: sab'a layalin wa samaniyata ayyamin, dare bakwai da yini takwas. Tilon layali shi ne laila, mace, don haka bakwai ta zo ba takuri. Tilon ayyam shi ne yaum, namiji, sai takwas ta ɗauke shi. Wanda ya haddace ayar nan ya riƙe ƙa'idar ta fuska biyu.

A jam'in da ya ƙare da "at" ne ɗalibai suka fi faɗawa rami. Mutum ya ga imtihanat, ya ɗauka mace ce, ya rubuta salasu imtihanatin. Ina! Tilonta imtihan ne, namiji, saboda haka salasatu imtihanatin ne daidai.

Bayan goma fa?

Ma'adudi ya koma tilo da fataha, daga 11 har 99, kamar ahada ashara kaukaban, taurari goma sha ɗaya a mafarkin Annabi Yusufu. A 11 da 12 duka ɓangarorin biyu suna dacewa da ma'adudi. Daga 13 zuwa 19 kuwa aikin ya rabu: ɓangaren farko yana nan kan saɓawarsa, goman ita ce ke dacewa. Ɗalibai maza goma sha biyar, hamsata ashara ɗaliban. Mata, hamsa ashrata ɗalibatan. Lura da goma: ita kaɗai tana saɓawa, asharatu rijalin, amma da ta shiga haɗi sai ta bi ma'adudi.

Ashirin da ɗari su ma suna canzawa?

A'a, babu ruwansu da jinsi. Sai dai a irin 25, biyar ɗin tana saɓawa: hamsun wa ishruna sanatan. Bayan ɗari da dubu, ma'adudi tilo ne da kasra: mi'atu rajulin, alfu sanatin.