Jigo Daban, Matsaya Daban: Tambayoyi kan Jimlar da Sharhin Littafi Ke Tsayawa a Kanta

Malam, na rubuta "Wannan muƙala za ta yi nazarin jigon haƙuri a littafin", aka ce ba ni da matsaya. Me ya rage?

Abin da ka rubuta sanarwa ce. Ka gaya wa mai karatu inda za ka dosa, amma ba ka gaya masa abin da ka samo ba. Haƙuri jigo ne, kalma ɗaya tak, kuma kalma ɗaya ba a yarda da ita, ba a musa ta. Matsaya kuwa magana ce cikakkiya wadda ke faɗin abin da kake ganin littafin yana cewa game da haƙurin, da hanyar da marubucin ya bi ya faɗe shi. Jimla ɗaya ce, ko biyu in ta kama, kuma an saba ajiye ta a ƙarshen sakin layin gabatarwa.

Gwajin da nake yi da sauƙi. Ka karanta jimlar ga wanda ya karanta littafin. In zai iya cewa "a'a, ni ba haka na gan shi ba", ka sami matsaya. In kuwa abin da zai ce kawai shi ne "to, sai me?", da sauran aiki.

To, in na ce "Littafin ya nuna cewa mahaƙurci mawadaci ne" fa?

Ka matsa gaba, don yanzu akwai magana. Sai dai karin magana ne, kuma wannan shi ne ramin da ɗalibai suka fi faɗawa a takardun da nake dubawa. Karin magana ya riga littafin zuwa duniya. Kana iya ɗaukar jimlar nan ka liƙa wa littattafai hamsin ba tare da ka canja ko harafi ɗaya ba, kuma duk jimlar da ta dace da kowane littafi ba ta ce komai a kan naka ba. Ga wata illar kuma: da zarar ka kafa ta, sai ka koma farautar wuraren da haƙuri ya yi rana, kana tsallake duk shafin da bai goyi bayanka ba.

Ta yaya zan gano abin da littafin ke cewa, ba abin da na riga na sani ba?

Da komawa cikin shafukan, fensir a hannu. Bari mu ƙaddara wani ƙagaggen labari don mu yi aikin tare. Tauraruwar mace ce da yayanta ya riƙe rabonta na shagon da mahaifinsu ya bari har shekara goma sha biyu, ita kuwa ba ta ce uffan ba.

Ka bi littafin, duk inda haƙuri ya fito, ko da baki aka faɗe shi ko a aikace, ka rubuta abu uku: wa ya yi maganar, ga wa, kuma me ya biyo baya. A ce ka tara wurare bakwai. A babi na 3 yayan ne ke cewa ta yi haƙuri, yana tura mata takarda ta sa hannu. A babi na 9 matar yayan ce ke yabon haƙurinta, a ranar da aka koro 'yar tauraruwar daga makaranta don ba a biya kuɗi ba. A babi na 15 ta buɗe baki ta nemi haƙƙinta, sai mutanen da suka yi ta yaba mata suka ce ba ta da kunya.

Yanzu dubi jerin naka da kyau. Kusan duk wanda ya furta kalmar haƙuri yana cin moriyar shirunta, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta kira abin da take yi da wannan suna ba. Wannan ba ya cikin kowane karin magana, marubucin ne ya tsara shi haka, kuma nan matsayarka take. Sai ka rubuta: "Ta hanyar sanya kalmar haƙuri a bakin masu amfana da shirun tauraruwar, marubucin ya nuna cewa haƙurin da ake yaba mata ba halin kirki ba ne da ta zaɓa, takunkumi ne da aka sa mata."

Lura da rabin farko na jimlar. Shi ke nuna dabarar marubuci, kuma shi ya mai da aikinka sharhin adabi. In ka cire shi, abin da ya rage ra'ayinka ne kan zaman duniya, wanda ba sai an karanta littafi ake da shi ba.

Akwai babi ɗaya da ya saɓa wa matsayata. In yi kamar ban gan shi ba?

Kul! Mai duba takardarka ya karanta babin nan, kuma shi zai fara nema. A ce a babi na 11 tauraruwar ta yi wata shida tana jinyar mahaifiyarta, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya yaba, kuma marubucin ya rubuta wurin da tausayi ƙwarai, ba alamar zargi. Wannan ma haƙuri ne, kuma ba takunkumi ba ne. Ke nan jimlarka ta yi faɗi, sai a rage mata: "Littafin ya raba haƙuri gida biyu: wanda tauraruwar ta zaɓa da kanta, wanda ba a ko ambatarsa, da wanda masu amfana da shirunta ke ɗora mata suna yabo, kuma na biyun ne ya cinye mata shekara goma sha biyu."

Ni na fi son wannan nesa ba kusa ba. Babin da ka so ɓoyewa ya zama hujja, kuma jimlar ta riga ta tsara maka muƙalar: sashe ɗaya kan jinyar, ɗaya ko biyu kan babi na 3 da na 9, sannan babi na 15 inda yabon ya juye ya zama zagi.

Sai na gama tsara ta kafin in fara rubutu?

A'a. Fara da ta wucin gadi, ka gyara ta in ka gama. Sau da yawa ainihin matsayar ɗalibi a sakin layin kammalawa nake tsintar ta, don sai da ya rubuta shafi uku ya gane abin da yake son cewa. In haka ta faru gare ka, ɗauko ta ka mayar sama.

Da me zan gane ta lalace?

Kalmomi irin su "muhimmanci", "ta fuskoki da dama" da "darussa masu yawa" alama ce ta cewa ba a yanke shawara ba tukuna. Haka nan in ka ga haƙuri da cin amana da talauci duk sun cunkushe a jimla ɗaya, muƙala uku ke nan, zaɓi ɗaya. Sannan ka ɗauki jimlar farko ta kowane sakin layi ka ajiye ta kusa da matsayar. Wanda ya fara da "Daga nan sai yayanta ya tafi…" ya bar hujja ya koma ba da labari. Mai da shi ya fara da abin da tafiyar yayan ta tabbatar game da haƙurin, in kuma ba ta tabbatar da komai ba, cire sakin layin.