Roƙon ƙarin wa'adi daga malamin ƙasar waje ta imel

Roƙon ƙarin wa'adi ta imel wata 'yar gajeriyar wasiƙa ce da ɗalibi ke tura wa malaminsa da Turanci, yana neman a ɗaga masa ranar miƙa asaimen ko furojet saboda wani uzuri da ya taso. Yawanci ba ta wuce jimla huɗu zuwa shida, kuma abu ɗaya ake so ta yi, malami ya karanta ta a minti ɗaya ya iya cewa e ko a'a ba sai ya sake tambayar komai ba.

Kafin a rubuta ma sai an fara duba ko malamin ne ke da ikon bayarwa. A jami'o'in Amurka galibi abin yana hannun malamin kwas ɗin, kuma dokar jinkiri tana rubuce a silabus, har da makin da ake yankewa kan kowace rana. A jami'o'in Birtaniya da yawa kuwa lakcara ba ya ƙara wa'adi da kansa, akwai fom da ake cikewa ta ofishin sashe, wanda za ka gani da suna extenuating circumstances ko mitigating circumstances, sau da yawa kuma sai da shaida kamar takardar likita. To a irin wannan wuri imel ɗin tambayar hanya ce kawai, ko ka yi magiya har gobe lakcaran zai nuna maka fom ɗin ne.

A ce ɗalibi zai miƙa rubutu ranar Juma'a 14 ga Maris, zazzaɓi ya kwantar da shi tun Litinin, ranar Laraba ya ga lallai ba zai gama ba. Ranar Larabar ya kamata ya tura, ta adireshin imel na makaranta, kamar haka:

```
Subject: BIO 201 essay: extension request

Dear Dr ____,

I am in your BIO 201 class. I have been ill since Monday and cannot finish the essay due on Friday 14 March. Would it be possible to submit it on Monday 17 March? I can send a doctor's note if needed.

Thank you,
____
```

Bayan Dr sunan ƙarshe na malamin ake sawa, wato sunan dangi, in farfesa ne a rubuta Professor. A ƙasa kuma cikakken sunan ɗalibi da lambarsa ta makaranta, don malami mai ɗalibai 200 ba zai gane ka daga adireshi ba.

Ranar da ɗalibi ya ambata da kansa ita ce ƙashin bayan saƙon. Mutane da yawa sai su rubuta more time kawai, su a ganinsu ladabi ne kar a ce sun yanke wa malami hukunci, alhali aiki suka ƙara masa, yanzu sai ya zauna yana lissafin kwana nawa zai bayar ko ya dawo da tambaya, kafin a gama kai da komo wa'adin ya wuce. Kwana biyu ko uku sun fi saurin samun amincewa a kan sati biyu, sai dai kar a faɗi ranar da ba za a iya cikawa ba, don roƙo na biyu ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba. Sunan wata kuma a rubuta shi da haruffa, 3/4 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurin Baturen Ingila 3 ga Afrilu. In ba ƙasa ɗaya kuke da malamin ba, a tabbatar da agogon wa ake bi, ƙarfe 11:59 na dare a can ba shi ne na nan ba.

Uzuri jimla ɗaya ya isa, ba a buƙatar tarihin ciwon gaba ɗaya, kuma kar a ƙirƙiro, don ana iya cewa kawo shaida. Doguwar gaisuwa da ban haƙuri sau biyar binne roƙon suke yi a ƙasa inda ba lallai a kai ba. Ladabi a irin wannan Turancin yana cikin siffar tambayar ne, Would it be possible ko Could I, amma I want da I need kamar umarni suke fita ko da ba haka aka nufa ba.

Shirun malami ba amincewa ba ne. In kwana ɗaya na aiki ya wuce ba amsa, sai a tura tuni na layi ɗaya a ƙarƙashin saƙon farko, a ci gaba da aiki kamar tsohon wa'adin na nan, in lokacin ya yi ba a ji komai ba a miƙa abin da aka samu. In kuma ya amince, a mayar da godiya tare da maimaita sabuwar ranar, a ajiye amsar, domin wani lokaci shafin kwas ɗin yana ci gaba da nuna tsohuwar rana ya sa wa aikin alamar late, amsar malamin ce za a nuna a gyara makin.