Bil ɗin ƙiyasi alhali kana da mita: abin da doka ta ce

Idan kana da mita irin wadda ake shan wuta a biya daga baya, lambar da ke fuskarta ita ce alƙali tsakaninka da kamfanin wuta. Ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta ce a riƙa karanta mita duk wata, in kuma hakan bai yiwu ba, kada a wuce wata uku ba a karanta ba. An yarda a yi ƙiyasi a watan da ma'aikaci ya zo ya tarar da gida a kulle, amma wannan lissafin wucin gadi ne. Ranar da aka karanta mitar, dole a daidaita shi da abin da ka sha.

A ce karatun gaskiya na ƙarshe a bil ɗinka 4,200 ne. Wata uku babu wanda ya leƙo, kowane wata ana rubuto maka yunit 400, jimla 1,200. Yau ka share ƙurar gilashin mitar, ka ga 4,830. Ashe yunit 630 ka sha, an ɗora maka 570 da ba ka sha ba. In ana sayar maka da yunit a kan naira 60, kuɗin ya kama 34,200, harajin kashi 7.5 cikin ɗari ya ƙara 2,565. Naira 36,765 ke nan za a cire daga bashinka. Sai dai ka buga lissafin nan a gida tukuna, domin wani lokaci ƙiyasin bai kai abin da aka sha ba, ka je neman ragi ka dawo da ciko.

Ɗauki hoton mitar yadda lambarta da karatunta, mai alamar kWh, za su fito sarai. Haɗa da bil na ƙarshe da aka yi da karatun gaskiya, ka rubuta takardar ƙorafi zuwa sashen koke-koke na kamfanin, kana neman a zo a karanta, a gyara. Ka tabbata an buga hatimi a kwafinka. Gaya wa mai raba bil da baki a ƙofar gida ba ƙorafi ba ne, komai kirkinsa.

Kamfani yana da kwana 15 na aiki ya warware. In ya yi shiru, ko amsarsa ba ta gamsar da kai ba, ka kai ƙara zauren sauraron koke-koke na NERC, daga nan sai hukumar kanta. A jihohin da suka karɓi ragamar kula da wutarsu bayan dokar lantarki ta 2023, hukumar jiha ake kai wa.

Inda mutane ke kuskure shi ne daina biya gaba ɗaya don fushi. Ka ci gaba da biyan daidai da bil na ƙarshe da ba ka da ja a kansa, ka adana rasit. Muddin kana haka kuma ƙorafinka na gabansu, ba su da hurumin yanke maka wuta saboda kuɗin da ake jayayya a kai.