Waiwaye: Yadda aka tabbatar √2 ba ta rubutuwa lamba bisa lamba

Magini a Unguwar Rogo ko Gangare a Jos, idan ya ja harsashin ɗaki mita 5 tsawo, mita 5 faɗi, ba ya zuba kankare sai ya ja tef daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Zai ga mita 7 da santimita 7, da ɗan ɗigon da ido ba ya kamawa. Idan ɗaya ɓangaren ma haka ya nuna, ɗaki ya miƙe. Wannan ɗan ɗigon da ya saura shi ne ya hana masana lissafi barci shekaru fiye da 2,400 da suka wuce.

Asalin maganar ita ce, a fili mai kusurwa huɗu daidai wanda kowane gefensa 1 ne, tsawon da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa lamba ce da in aka yi ta sau kanta za ta ba da 2. Ita ake rubutawa √2. Mutanen Babila sun san ta tun tsakanin shekara ta 1800 da 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Akwai wani ɗan allonsu na yumɓu a Jami'ar Yale ta Amurka, mai lamba YBC 7289, wanda ƙiyasin da ke kansa ya zo daidai da 1.41421296 a rubutunmu na yau. Sun kusa ƙwarai, amma kusa kawai suka yi. Gwada 7/5: 7 sau 7 ya ba da 49, alhali 50 ake nema, wato ninki biyu na 5 sau 5. Gwada 17/12: 289 ne, ana neman 288. Takardar A4 da ake bugu da ita a shagunan kwafi tana da tsawon milimita 297 da faɗin 210, wato 99/70, nan ma 9,801 aka samu a maimakon 9,800. Kullum da saura ɗaya. To, shin rashin sa'a ne, ko kuwa lambobin da za su dace babu su ne sam?

Awo ba zai taɓa amsa wannan ba, gwaji ma haka, domin lambobi ba su da ƙarshe. Almajiran Pythagoras a ƙasar Girka, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), su ake dangantawa da gano amsar, kuma akan ambaci sunan Hippasus. Labarin da ake bayarwa cewa an nutsar da shi a teku saboda ya tona asiri, hikaya ce da ta zo daga baya. Abin da ke rubuce tabbas shi ne Aristotle ya kawo hujjar a matsayin misali a littafinsa na manɗiƙi, a taƙaice: in aka ce tsawon nan yana aunuwa da ma'auni ɗaya da gefen, sai lamba mara ta zama daidai da cika. Cikakken bayanin ya bayyana a ƙarshen littafi na 10 na Euclid, masanin lissafi na Girka, a wasu kwafe-kwafe, ko da yake masana sun yi ittifaƙi cewa wani ne ya ƙara shi daga baya. Da aka fassara Euclid zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, malamai suka riƙa kiran wannan salo burhanul khulfi, irin waɗannan lambobi kuma asammu, wato kurma.

Salon kansa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama gaban alƙali. Ka karɓi maganar abokin gardama kamar gaskiya ce, ka bi ta sannu a hankali har ta ci karo da kanta. Tunda kowane taku da ka yi ingantacce ne, laifin yana ga abin da aka ɗauka tun farko.

Ga yadda take tafiya. Cika ita ce lambar da ke rabuwa biyu ba saura, mara kuwa mai barin ɗaya. Mu ɗauka √2 = p/q, inda p da q lambobin ƙirga ne irin su 1, 2, 3, kuma an riga an rage su har babu wata lamba sama da 1 da ke raba su duka biyun, kamar yadda ake rage 14/10 ta koma 7/5. Yi kowane ɓangare sau kansa, za ka samu 2 = p²/q², wato p² = 2q². Ke nan p² cika ce, tunda 2 ce sau wani abu.

A nan sai a tsaya a tambaya: don p² cika ce, dole p ma cika ce? E, amma sai an nuna. Duk lamba mara tana rubutuwa 2k + 1, kuma in ta yi sau kanta za ta ba da 4k² + 4k + 1, wanda ke barin saura ɗaya in an raba biyu. Mara ba ta haifar cika, saboda haka p cika ce, sai mu rubuta p = 2m. Mayar da wannan cikin lissafin farko: 4m² = 2q², a raba biyu, q² = 2m². Dalilin da ya kama p yanzu ya kama q, ita ma cika ce. Ga p cika, ga q cika, 2 tana raba su duka, alhali da bakinmu muka ce babu mai raba su. Magana ta ci karo da kanta. Don haka babu p da q ɗin da za su ba da √2.

Wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne mantawa da sharaɗin ragewa a farko. Wanda bai faɗe shi ba, in ya kai ƙarshe ya ce p da q duk cika ne, bai kama komai ba, domin 14/10 ma duk cika ne kuma babu laifi a jikinta. Sharaɗin kuwa halal ne, saboda ragewa ba ta tafiya har abada: lambobin suna ƙanƙancewa ne, dole wata rana a tsaya. Kuskure na biyu shi ne danna kalkuleta a ga 1.414213562 a ce ai ba ta ƙarewa. Kalkuleta lambobi goma ko makamancin haka kawai take nunawa, kuma 1/3 ma ba ta ƙarewa, ga ta nan lamba bisa lamba.

Malamin da ke son sanin ko ɗalibi ya fahimta ko hadda ya yi, sai ya ba shi √4 ya ce ya bi hanya ɗaya. Mai hadda zai rubuta p² = 4q², ya ce 4 tana raba p², don haka tana raba p, ya ƙare da cewa √4 ba ta rubutuwa lamba bisa lamba. Alhali √4 ita ce 2, wato 2/1. Inda ya zame shi ne wancan takun da muka tsaya a kansa: 4 tana raba 36, amma ba ta raba 6. Ga √3 kuwa hanyar tana aiki, sai dai cika da mara ba su ne makamin ba. Ana duba saura ne in an raba da 3: lambar da ke barin 1 ko 2, in ta yi sau kanta 1 take bari, don haka in 3 ta raba p², dole ta raba p.

Salon ya sha suka a ƙarni na 20. A 1908 masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, Brouwer, ya ƙi yarda a ce abu yana nan don kawai rashinsa ya kai ga karo, sai an nuna shi ko an nuna hanyar samo shi. Hilbert na Jamus ya tsaya kai da fata wajen kare tsohuwar hanya. Amma ko mabiya Brouwer ba su taɓa hujjar √2 ba, saboda ita ba ta ce wani abu yana nan ba. Cewa ta yi p da q ɗin da ake nema babu su, kuma nuna cewa samuwarsu tana kai wa ga karo shi ne ainihin ma'anar babu a wurin ɓangarorin biyu.