Waiwaye: yadda kwana ta koma dabarar shafa ƙwallo a ƙarfen kusa

Bugun kwana ya shiga dokar hukumar ƙwallon Ingila a 1872, sai a 1924 aka yarda a ci kai tsaye daga kusurwa. Shekara da shekaru dabarar ɗaya ce: a cilla ƙwallo sama, dogo ya sa kai. Amma ƙwallon da ya daɗe a sama na gola ne, tunda shi kaɗai ke da izinin sa hannu.

Wannan ne ya sa masu horarwa suka koma ƙarfen raga na kusa da mai bugu, inda ƙwallo ke isowa kafin gola ya taso. Arsenal ta zamanin George Graham, daga 1986 zuwa 1995, ta yi suna da haka: Steve Bould ya shafa ƙwallo da ka, Tony Adams ko wani ya ƙarasa a baya. Yau abin ya zama sana'a. A 2021 ƙungiyar ta ɗauki Nicolas Jover don bugun tsaye kawai.

Mai horar da matasa a Yamai ko Tawa mutum uku ne ginshiƙinsa. Daga dama, mai ƙafar hagu ne zai buga, ƙwallo ya lanƙwaso wajen raga da ƙarfi, daidai tsayin kai, ya nufi kusurwar ƙaramin akwatin gaban gola mai mita 5.5. Mai shafawa ya tsaya wajen ɗigon fanareti, kada ya taso sai mai bugu ya fara gudunsa. Ba da goshi zai doka ba, da tsakar ka zai goga ƙwallon ya wuce bayansa. Na uku ya shigo ƙarfen nesa a makare.

Galibi lokacin tasowa ne ke ɓata aikin. In mai shafawa ya riga ƙwallo isa, sai ya tsaya cak, mai tsaron baya ya taho da gudu ya fi shi tsalle. In ka ga ƙwallo na tashi sama da raga, to mai shafawa ya shige ƙarƙashinsa da yawa. A filin ƙasa lokacin hunturu kuma, iska kan riƙe ƙwallon da aka ɗaga, gara a rage masa tsayi.

Sai wani sauyi da ya zo daga baya. A da, masu tsaro kan ajiye mutum a gindin kowane ƙarfe, yanzu da yawa sun janye su. Babu satar gida a bugun kwana kansa, amma da zarar an shafa ƙwallo, doka ta dawo aiki. Don haka na ƙarfen nesa ya zauna bayan ƙwallo har sai ya ga ya bar kan abokinsa, in ba haka ba mataimakin alƙalin wasa zai iya ɗaga tuta, a soke cin.